Kekunan Aro

"To ni bare ce a gidan nan? A faɗa min in sani!" in ji Yaya Tela, tana buga tafin hannu a cinya har awarwaronta na ƙara. "Shekara shida kuɗin nan ta wayata suke shigowa, yau kuma a wayi gari a ce wai firiji. Firiji!"

"Ki rage murya, maƙwabta na ji," in ji Mama daga bakin gado.

"Su ji mana! Dama me suka iya ban da ji?"

An jingina wayar da fulas ɗin shayi a kan ɗan teburin Mama, tsakanin kwalaben maganin hawan jini da tabarau. A cikin wayar ga Auta, ƙanwarsu da ke ƙasar waje, sanye da shuɗiyar rigar aiki. Tana zaune a ɗakin hutun ma'aikata na gidan kula da tsofaffi inda take wanka da ciyar da iyayen wasu, kuma hutun nata na minti ashirin ne kacal. A gefen ƙofa kuma ga matar ƙanin Yaya Tela, wadda unguwa ke kira Mai Ƙanƙara, ta naɗe ƙafa a kan tabarma, ta sunkuyar da kai kamar ba ta san kan zancen ba. Wannan sunkuyon shi ya fi ƙona wa Yaya Tela rai.

Abin da ya faru kuwa ga shi. Tun da Auta ta tafi, duk ƙarshen wata Yaya Tela ce ke karɓar saƙo. Ita za ta yafa mayafi ta tafi shagon mai cire kuɗi, ta dawo jaka a hammata, ta zauna ta raba: na maganin Mama, na hayar gida, na makarantar yaran ƙane, da ɗan abin da za a toshe bakin kawu da gwaggo. Ba a taɓa cewa ta ci ko sisi ba, a bar ta da halinta. Amma daɗin da take ji in gwaggo ta zo ta rage murya tana "Babba, ko an ji daga yarinyar?", wannan daɗin ko zuma albarka.

Sai watan jiya Auta ta ce ta gaji. Shekara shida tana ɗaga tsofaffin da suka fi ta nauyi, bayanta ya fara ciwo, kuma in yau aka ce kwangilar aikinta ta ƙare ba ta da ko bulo ɗaya da za ta nuna. Ta ce daga yanzu kashi uku za ta yi. Na Mama zai tafi kai tsaye wayar Mama. Na biyu za ta ajiye shi can a kuɗin ƙasar da take, don na gida kullum narkewa yake kamar gishiri a ruwa. Na uku kuwa, abin da ta ɗan tara, za ta zuba shi a sana'ar mutum ɗaya cikin gida, a riƙa fitar mata da kason riba. Ta ce Yaya Tela da Mai Ƙanƙara kowacce ta ɗauko mata bidiyon wurin sana'arta ta gani.

Nan fa Yaya Tela ta yi abin da ta yi. Shagonta keke ɗaya ne, na ƙafa, wanda in ya fara kuka sai ka rantse tsohuwar akuya ce. Shekara biyu tana mafarkin keken aikin ado mai lantarki, don duk mai ɗinkin da ke son ado sai ta kai wa wani shago ta biya, ribar ta tafi can. Amma ta tuna Mai Ƙanƙara ma za ta tura nata bidiyon, kuma Auta za ta jera su biyu ta kalla. Ita babbar ya, a gan ta a kango? Sai ta bi layin teloli. Ta aro keke biyu a wajen na kusa da ita, ta aro na ado a wajen telan da ke kwanar layin, ta kwaso yadudduka a shagon ƙawarta ta jera har rufi, ta kira matan telolin uku suka zauna suna taka keke babu zare. Ta ci kwalliya ta zaga da waya tana cewa, "Kin ga dai, aiki har ya yi mana yawa, sai godiya." Kafin azahar kowa ya zo ya ɗauki kayansa.

Ita kuwa Mai Ƙanƙara, ko fuska ba ta wanke ba. Ta nuna tsohon firijinta mai tsatsa da aka ɗaure murfinsa da roba, ta nuna ruwan da ya kwanta a ƙasa don wuta ta ɗauke tun safe, ta nuna masu sayar da lemo su biyar da kulolinsu suna juyawa hannu rabbana. Shi ke nan bidiyon nata.

"Yaya, don Allah ki saurare ni," in ji Auta daga cikin waya, tana duba agogon bango. "Ni abin da na gani na bi. Shagonki ya tsaya da ƙafarsa, keke huɗu, ma'aikata uku, har na ado kina da shi. Wallahi na yi ta nuna wa abokan aikina ina alfahari. Ita kuwa ga masu saye, babu kaya. In aka sa mata firiji mai aiki da hasken rana, da faifansa da batirinsa, ba ruwanta da ɗauke wuta. Dila zan tura wa kuɗin kai tsaye, rasit da sunana. Kason ribata kuma shi zai riƙa sayen maganin Mama, kin ga ko wata ya zo min da matsi ba a tsaya jirana ba, kuma an huta da ladan aikawa da ake yanka min kowane wata."

Kowace kalma daidai take, abin da ya sa ta fi zafi ke nan. Yaya Tela ta kau da kai daga wayar. Ta kalli Mai Ƙanƙara: wannan fa da aka kawo gidan nan da akwati ɗaya, ko tsintsiya ba ta iya riƙewa ba sai da aka koya mata. Gobe faifan hasken rana zai hau kan rufinta yana walƙiya, duk wanda ya wuce sai ya ɗaga kai. Gwaggo kuma ta san hanya, ƙafarta ba ta ɓata inda maiƙo yake.

"Ni na goya ki," ta ce da wayar. "Bayan nan nawa kin jiƙa shi ya fi sau ɗari. Ranar da za ki tafi wa ya kwana yana miki ɗinkin kayan tafiya? Firiji ne?"

"Na sani, Yaya."

"Kin sani, shi ne kika tsallake jininki kika ɗauki dukiya kika ba 'yar mutane? Gobe in yayanki ya yi mata kallon banza ta naɗe zaninta, firijin a ka za ta ɗauka ko a hammata?"

"Ai shi ya sa rasit da sunanta, Yaya," in ji Mai Ƙanƙara a hankali, kanta a ƙasa. "Ni 'yar tsaro ce kawai."

"Da ke nake? Ji min mata da baki kamar na reza!"

"Allah ya ba ki haƙuri. Ni da ma ina da keke huɗu ai ba zan nemi komai ba."

Yaya Tela ta waiwayo. Ta dubi matar nan da kyau. Mai Ƙanƙara kullum da rana sai ta bi layin teloli tana sayar da ruwan sanyi, babu shagon da ba ta san adadin allurarsa ba. Wato ta sani. Ta sani sarai, ta kuma yi shiru tun watan jiya, tana jira zakara ya yi cara a kanta.

Mama ta gyara zama, ta yi ɗan tari irin na wadda ita ma labari ya iso mata. "Babba," ta ce, "kayan aro ba ya rufe katara. Yarinyar nan ba ta tura wa dila ko sisi ba tukuna. In akwai abin da ba ta sani ba, ga ta ga ki. Baki shi ke yanka wuya, shi ke kuma warware igiya."

"Wane abu ne ban sani ba?" in ji Auta, ta matso da fuska har hancinta ya cika wayar. "Yaya, akwai matsala a shagon ne? Ki faɗa min tsakani da Allah. In kina da buƙata sai in raba, ita a fara mata da ƙaramin firiji, ke a duba naki. Saura min minti uku a kira ni."

Ga keken ado nan, a tafin hannu. Kalma biyar ce tsakaninta da shi: kekunan nan ba nawa ba. Yaya Tela ta buɗe baki. Ta hango kanta tana faɗa, ta hango Auta tana komawa wurin abokan aikin da ta yi wa alfahari, ta hango labarin matan da ke taka keke babu zare yana zaga dangi gida-gida, ana ba da shi ana riƙe ciki. Sai idonta ya sauka a kan Mai Ƙanƙara, wadda ta ɗago kai a karon farko, ta tallabe haɓa, ta zuba mata ido kamar mai jiran a fara wasa a talabijin.

"Matsala?" in ji Yaya Tela, ta ja mayafi ta wurga a kafaɗa. "Ni? Shagona lafiya lau. Keke na biyar ma nake ciniki."

"Kai, Babba!" in ji Mama.

"To alhamdu lillahi," in ji Auta, ta sauke ajiyar zuciya. "Har na ji tsoro. Gobe in na tashi aiki zan tura wa dilan. Yaya, ke kika san mutane, don Allah ki tsaya a kan masu haɗawa kar su sa mata batirin banza."

"Ni zan tsaya? In riƙe musu tsani kuma?"

"Za ki sha ruwan sanyi kyauta, Yaya," in ji Mai Ƙanƙara. "Har ma'aikatanki uku."

Yaya Tela ta zura takalmi, ɗaya ma a karkace. Ta tsallake ƙafar matar ƙaninta ba ta ce gafara ba.

"Allah ya sa ya daskarar da ku gaba ɗaya!"

Ta finciko ƙofar ta maka ta da ƙarfi, fulas ya girgiza, wayar ta zame ta kife a kan maganin Mama, muryar Auta na fitowa daga ƙarƙashi tana tambayar ko wuta ce aka ɗauke.