Mashayar Jakai

"Inna, babu wannan wurin," in ji jami'in filaye, ya turo mata takardar da ɗan yatsa.

Inna Mai Zare ta mayar masa da ita. "To daga ina na fito da safen nan? Daga sama?"

Takardar ta mahaifinta ce, ta ba shi rumfa a Mashayar Jakai shekara hamsin da suka wuce. Yanzu ana sake rabon rumfuna, wanda bai kawo shaida ba kafin a tashi aiki yau, gobe a ba wani wurinsa. Ita kuwa a rumfar nan ta yi rarrafe, a cikinta ta ci da marayu huɗu.

"Rajistarmu Kasuwar Ci Gaba ta sani, a bakin Farin Ruwa," ya ce, yana kallon kwamfuta.

"Farin Ruwa? Ɗana, ka taɓa ganin farinsa a wajenmu? Can sama ne yake fari, inda yake bin duwatsu. Idan ya iso mu sunansa Mashaya. Ya gangara inda laka take, Maci Awaki ne, ka tambayi wanda ya yi asarar akuya. Mai awon da gwamnati ta turo a can sama ya sauka, ya tambayi mutum ɗaya, ya shafa wa rafin suna ɗaya tun daga kai har wutsiya."

Mutanen da ke layi suka fara murmushi. Inna ba ta iya gajeren zance ba, balle ranta a ɓace.

"Kasuwar kuma jakai suka kafa ta. Masu kawo itace nan suke tsayawa su shayar da dabbobi. Wata ta kawo ruwan sayarwa, wani ya kawo igiya, babana ya kawo zare. Ba wanda ya yanka rago, bakin mutane ne ya raɗa mata suna. Sai shekarar da aka yi mana rufin kwano, kwamiti ya zauna, shugabansu ya ce kunya ce babban baƙo ya zo buɗe wuri mai sunan jaki. Suka kafa allo. Allon ma yanzu shanya ake yi a kansa."

"Duk na ji, Inna. Kawo sanarwar canjin suna, wadda ta ce wancan shi ne wannan."

"Tana ina?"

"A fayil."

"Fayil ɗin fa?"

Ya sosa ƙeya. "Gara ta ci."

"Ashe gara ma ba ta yarda da sunan ba."

Aka fashe da dariya. Jami'in ya haɗe rai, ya kira na gaba. Inna ta jawo kujera ta zauna daram a gefen teburin, ta ɗora jaka a cinya. Tsoro take ji ƙwarai, amma ta rantse ba za ta bari ya gani ba.

Ana cikin haka wayar jami'in ta yi ƙara. Mai mota ne da zai kai masa firji gida, ya yi ɓatan hanya. Jami'in ya juya baya, ya rage murya.

"Bayan Kasuwar Ci Gaba... A'a, Ci Gaba na ce... Wane irin direba ne kai?" Ya yi tsaki. "Mashayar Jakai! Ka san ta? Yauwa, layi na biyu."

Ya ajiye wayar.

"Allah ya kai kayan lafiya," in ji Inna. "Tunda wurin babu shi, ina tausayin firjin."

Jami'in ya tashi, ya ciro makulli, ya buɗe wata doguwar durowa da ke lungu. Ya zaro tsohuwar taswirar awo, duk gefenta ya cinye, ya shimfiɗa. Ga rafin, ga gada, ga filin kasuwa. An ja wa wani rubutu jan layi, an rubuta Ci Gaba a samansa, da kwanan wata da sa hannu. A ƙarƙashin layin tsohon sunan yana nan, ana karanta shi sarai.

Inna ba ta yi boko ba, amma ta san siffar kalmomin nan biyu, shekara hamsin tana ganinsu a takardar babanta. Ta dangwala yatsa a kai, ba ta ɗaga ba sai da ya rubuta lambar taswirar a bayan takardarta, ya buga hatimi.

"Sabuwar takarda za ta fito da Ci Gaba fa, Inna," ya ce.

"Ta fito. Ku riƙe naku a durowa."

A bakin titi bas ta tsaya, kwandasta na dukan ƙofa yana ihu: "Jakai! Jakai! Saura mutum ɗaya!"

"Ga ni," in ji Inna, ta tattare zaninta ta shiga.