Sa Hannun Barista Maitama

Tun ranar Litinin Nazeefa ta ajiye wa ogan nata hukuncin a kan tebur. Shekararta ɗaya da fara aikin lauya, muryarta ba ta cika fita a gabansa ba.

"Yallaɓai, Kotun Ƙoli ta yanke a bana cewa takardar kotu sai da sunan lauya. Tamu kuwa 'Maitama da Abokansa' aka sa, sunan ofis. Mu janye mu sake shigarwa tun da wuri."

Barista Maitama bai ko ɗaga kai ba. "Shekara ashirin haka nake sa hannu, yarinya. Ina da hukuncin Ingila, ina da na Babbar Kotun Legas. Ɗauko min jaka."

Ƙarar ta Malam Yero ce, makiyayi daga bayan Tungan Maje. Wani kamfanin gine-gine na son katange rafin da shanunsa ke sha, kuma umarnin wucin gadi na kotu ne kaɗai ya tsayar da magina.

Ranar Alhamis a Babbar Kotun Abuja, lauyan kamfanin, Thaddeus, ya miƙe da hukuncin nan da Nazeefa ta nuna wa oga, shafi bakwai, yana roƙon a soke ƙarar. Maitama ya gyara riga ya shiga zuba Turancin Landan. Minti arba'in yana jero sunayen alƙalan Ingila kamar 'yan uwansa ne. Nazeefa ta ƙura wa sabon agogonsa ido.

Alƙaliya ta cire tabarau.

"Barista, na Ingila shawara ce, in ta gamsar da ni in ɗauka. Legas kuwa tsarata ce, ba ta ba ni umarni. Kotun Ƙoli tana samana, kuma batun ɗaya ne. Ko akwai inda taka takardar ta bambanta?"

"Ya mai shari'a, adalci ai ya fi..."

"Bambanci na tambaya."

Maitama ya hau juya takardunsa. Alƙaliya ta ci gaba.

"Ko ina so ko ba na so, dole in bi. Na soke ƙarar, umarnin ma ya faɗi tare da ita."

A baranda Maitama ya dafa kafaɗar Yero. "Alƙalan yanzu ba sa karatu, Malam. Za mu sake shigarwa." Ya amsa waya, ya nufi motarsa yana dariya.

Yero ya juyo ga Nazeefa. "'Yata, an ce ba ni da gaskiya ne?"

"Ba a ma taɓo maganar rafin ba, Baffa. Suna ne ba a rubuta ba."

"Sunan wa? Ai na dangwala."

Ta kasa haɗa ido da shi. Can gefe Thaddeus na faɗa wa wani a waya a kai bulo bakin rafin yau ɗin nan. Sabuwar ƙara kuwa ba za ta zo gaban alƙali ba sai wani makon.

"Na lauyanka," ta ce.