Tukunyar da Ta Tofa Wake a Rufi

Har yanzu tabon yana nan a jikin kwanon rufin madafar Inna Murja da ke Sandamu, faffaɗa, ja-ja, kamar hadarin da ya haɗu ya fasa zuba. In ta kishingiɗa a tabarma bayan azahar shi take kallo har barci ya ɗauke ta. Wake ne. Ɗanta Kalilu ne ya sayo mata tukunya mai fito daga Daura, irin mai kulle murfi ta riƙe tururi, ya dire mata tare da ƙaramin gas don hayaƙin itace na cin idonta. Abin da ya ce kawai shi ne ta zuba komai, yanzu zai nuna. Ita kuwa ta yi yadda ta saba tun tana budurwa: wake, ruwa har wuya, ɗan dunƙulen kanwa. Tukunya ta yi fito, ta yi shiru, sannan ta fesa kumfa mai zafi har rufi, ta ɗan ƙona mata tsintsiyar hannu.

Ƙunar ba komai ba ce. Maganar da ta biyo baya ita ce ciwon. Kalilu ya tsaya a tsakar gida ya ce wa matarsa Amatullah, "Inna ta fara rikicewa. Kada a ƙara barin ta kusa da wuta." Matar da ta ciyar da gidan nan tun ba a haifi mai maganar ba, wai ita za a miƙo wa kwano a ƙofar ɗaki kamar baƙuwa.

Ranar Laraba ta ɗaure tukunyar a tsohon zane, ta hau bayan ɗan acaɓa. Gero ya fitar da kai a gonaki, yana ta wucewa ta gefen idonta. Ita dai tana ta tsara maganar da za ta faɗa. A kasuwar Daura ta tambayi shagon har aka nuna mata. Mai shagon, Ujunwa, 'yar kabilar Ibo ce da ta daɗe a garin, Hausarta ta nuna.

Inna Murja ta dire ƙullin a kan tebur. "'Yar nan, ke kika sayar wa ɗana wannan?"

"Ni ce, Mama. Sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ban zo zama ba. Ba canji nake so ba. So nake ki faɗa da bakinki tukunyarki ce mahaukaciya, ba ni ba."

Ujunwa ta kwance ƙullin, ta cire wani ɗan ƙarfe mai nauyi da ke zaune a tsakiyar murfin, ta ɗaga murfin sama ta leƙa bututun da ke ƙarƙashinsa. Ta miƙa wa tsohuwar. "Kina hango haske?"

"Ba na hango komai."

Ujunwa ta zura tsinken tsintsiya. Ɓawon wake ya faɗo, busasshe. "Ga mai laifin. Ta bututun nan tukunyar take numfashi. Da ya toshe, sai wannan 'yar robar ta gefe ta buɗe don kada abin ya fi haka. Aikinta ke nan. Ruwa iya ina kika zuba?"

"Iya inda ake zubawa. Har wuya."

"Kin sa kanwa?"

"Ana dafa wake ba kanwa a garinku?"

Ujunwa ta yi dariya. "Kanwa kumfa take tayarwa, Mama, kumfar ce ta ɗauki ɓawon ta kai shi can. Wannan tukunyar ba ta son kanwa. Ba ta kuma shanye ruwa kamar ta ƙasa, tururin kaɗan ne ke fita. Wake da ruwansa kada su wuce rabi. Ki jiƙa shi tukuna, ruwa ya ɗan haura kansa, ki ɗiga mai. In nama ne, iyakarsa kashi biyu cikin uku, ga zanen a ciki. Amma ko yaya kada ruwan ya gaza kofi ɗaya cikakke, in ba ruwa ba tururi, ƙonewa zai yi. Duk na gaya wa ɗanki ranar."

Inna Murja ta zauna a kujerar da ta ƙi. "Kin gaya masa?"

"Yana ta waya, yana cewa to, to."

Tsohuwar ta jawo tukunyar gabanta. Tana kallon cikin tukunyar, sai ta ga kamar wata ƙaramar duniya ce. Ƙasa wake, sama fili. Hadari ya taso, ya bugi murfi, ya sauko, ya sake tashi, damina guda a kulle, ba mai ganinta. Ashe ita ta cike sararin da ruwa, ba ta bar wa hadarin wurin tsayawa ba.

"To ta yaya zan ɗanɗana gishiri?" ta tambaya.

"Sai ta huce. Ga wannan ɗan maɓallin kusa da mariƙi. In ya taso, akwai ƙarfi a ciki, murfi ba zai juya ba, kada ki yi kokawa da shi. Ta fara fito, ki rage wuta. In ya nuna ki kashe, ki ƙyale ta har maɓallin ya faɗa da kansa. Wake dai kada ki ɗage ƙarfen don sauri, kumfa zai biyo. Kina buɗewa ki karkata murfin can, ba fuskarki ba."

Ujunwa ta sa sabuwar 'yar roba, ta duba zoben robar murfin ta ga lafiyarsa ƙalau.

Washegari Inna Murja ta shiga madafa ba ta nemi izinin kowa ba. Amatullah ta ce, "Inna, ya ce..." Inna Murja ta ce, "Je ki kira shi. Ya zo ya zauna." Ta ɗaga murfin ta hangi sama ta cikin bututun, ɗigon shuɗi. Ta zuba jiƙaƙƙen wake, ruwa, mai, ta kulle.

Kalilu ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, fuska a ɗaure. Tukunya ta fara fito, ta rage wuta, fiton ya koma siriri. Ƙanshi ya cika madafar. Inna Murja ta lumshe ido rabi, tana sauraron ruwan da ke sauka a cikin tukunyar, kan wata gona da ita kaɗai ta san da ita. Da hancinta ya gaya mata ya yi, ta kashe gas ɗin, ta naɗe hannu.

Ta zauna abinta, ba ta taɓa tukunyar ba. Kalilu ya dubi matarsa. "Kin gani ko? Ta manta da shi." Ya tashi ya kama mariƙin yana murɗawa da ƙarfi. Murfi ya ƙi. Ya kai hannu zai fizge ƙarfen saman.

Ludayi ya sauka a bayan hannunsa.

"Sake ta. Ba ka ga maɓallin a tsaye ba? Matar shagon ba ta gaya maka ba, kana ta waya kana to, to?"

Kalilu ya janye hannunsa. Amatullah ta juya fuska bango, tana ƙunshe dariya.

Can sai maɓallin ya faɗa, ƙit. Inna Murja ta cire ƙarfen, ba abin da ya fita. Ta juya murfin da yatsu biyu, ta karkata shi gefen bango. Tururi ya tashi a hankali, ya bi ta ƙarƙashin tabon ya fice ta taga. Ta ɗebo wake ta latsa, ya narke a yatsanta.

"A tsakar gida ka faɗa na rikice," ta ce wa Kalilu, "a tsakar gida za ka janye. Da ƙarfi, maƙwabta su ji."

"Inna, ki yi haƙuri mana."

"Tsakar gida."

Ya fita yana murza bayan hannunsa. Ta ɗanɗana romon tana jiran muryarsa, sannan ta ce wa Amatullah ta miƙo mata gishiri.