Goben da Ta Riga Ta Zama Yau

Tela ce, kuma sun daɗe ba sa ga-maciji da mahaifinta. Ranar Talata da safe tana dawowa daga tafiya, mijinta ya tare ta a bakin ƙofa.

"Yayanki ya kira. Baba na asibiti, za a yi masa aiki. Ya ce gobe ki zo, yana son ganinki kafin a shiga da shi."

Duk da haka ta ji sanyi a ranta, tunda tsohon ya neme ta da bakinsa. Ta wuni a kan keke tana ɗinka masa riga mai laushi ta zaman jinya.

Laraba da sassafe ta isa asibiti, ta tarar da gadon babu kowa. Yayanta na zaune a baranda, idanunsa jajur. Tun jiya aka yi aikin, har yanzu Baba bai farfaɗo ba.

"Ya yi ta kallon ƙofa," in ji shi. "Ran Litinin ya ce mini, 'Gobe ta zo, ina son ganinta.' Haka na gaya wa mijinki tun a ranar."

Sai ta gane. Mijinta ya mayar da "ta zo" zuwa "ki zo", amma ya bar "gobe" yadda ya ji ta, alhali maganar ta kwana, ya kamata ya ce "yau".

Ta zauna kusa da yayanta, suna jiran likita ya fito.