An Ɗage Albasa Zuwa Litinin

Dariyar ce ta fara tsorata ni. Ina dawowa daga shagon wanki da guga inda nake aiki, na tarar da 'yata Auta kwance a kujera tana dariya ita kaɗai, har hawaye na bin kumatunta. Na ce ta nuna mini abin da ya kama ta haka. Ta miƙo mini wayarta. Hoton wata kujerar roba ce a tsakiyar titi, ya yi dishi-dishi kamar an wanke shi da ruwan zafi, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: KIFI BAI SA HANNU BA.

Na karanta, na sake karantawa. Na tambaye ta wane kifi, a kan me zai sa hannun. Tambayar tawa ma sai ta ƙara tunzura ta, ta kife a matashi tana shessheƙa. Ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Ina da dalili. Yayana, wanda nake bi, yana kusan shekarun Auta lokacin da maganarsa ta fara kwancewa. Da fari yana dariya shi kaɗai, daga baya yana haɗa kalmomin da ba su san juna ba, daga nan sai asibitin masu taɓin hankali, inda ya ƙare kwanansa tun Auta na goye. Ban taɓa ba ta labarin ba. Likita ya taɓa ce mana irin wannan ciwon yakan bi jini, ni kuma kunnena bai yar da maganar ba.

Daga ranar na zama mai gadi. In ta shiga wanka, sai in lallaɓa in duba wayar. Akwai wani zaure a wayar da suka buɗe ita da ƙawayenta na makaranta, babu gaisuwa a ciki, babu hira, sai irin waɗannan hotuna da suke kira mim. Wata ta turo faɗuwar rana mai kyau, irin wadda ake ɗora wa kalaman hikima, an rubuta: Duk wanda ya daɗe a tsaye, cokali ne. An ma sa sunan mai hikimar a ƙasa, wai Firji. Auta ta amsa mata da hoton tantabara mai jajayen idanu da kalma ɗaya tak: SILIN. Na nemi abin da ya haɗa amsar da maganar har kaina ya yi ciwo.

Babanta ya ce in rabu da yara da shiriritarsu. Shi dama ko gida ke ci da wuta sai ya gama shan shayinsa. A shago na ƙona wuyan rigar wani mutum ina tunani, maigidan shagon ya yi ta faɗa, ban ma ji rabinsa ba. Ban gaya wa kowa ba na je asibiti na karɓo mana ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa.

Ana gobe za mu je, da la'asar, na sami Auta a ɗaki ta jingina dutsen gugana da bango tana ɗaukarsa hoto. Fankar sama na juyi a kanmu. Na zauna bakin gado, na daure na ce ta nuna mini yadda ake yin mim ɗin.

Ta yi murna, abin tausayi. Hoton ya fita tas, sai ta shiga ɓata shi da gangan. Ta ƙara masa launi har dutsen ya koma ja kamar garwashi, ta ja shi ya yi faɗi, ta ɗauki hoton allon wayar, ta sake ɗaukar hoton wancan, har komai ya dagule. Ta ce in ya yi kyau sai a zaci talla ce, gara ya yi kamar ya bi ta hannun mutum dubu kafin ya iso.

Sai rubutu. Na ce ta sa "Na gaji da zafi." Ta yatsina fuska, ta ce ai wannan dutsen guga zai iya faɗa, barkwancin tsofaffi ke nan. Ita ma ta gwada "An ɗage wanki zuwa Litinin," ta goge, wai wanki ɗan'uwan guga ne, mai karatu zai samu inda zai dafa. Ta gwada tara baƙaƙe barkatai, ta goge, ta ce in ba ya karantuwa ba wanda zai tsaya nema. Daga ƙarshe ta rubuta: SANARWA: AN ƊAGE ALBASA ZUWA LITININ.

"Kin ga, Umma, jimlar lafiyarta ƙalau, ta sha kwalliya kamar daga ofis ta fito," in ji ta. "Ido ya saba in ya ga hoto da rubutu a ƙasa, akwai abin dariya a ɓoye. Sai ki tsaya nema. Ki duba dutsen, ki duba albasar, ki koma. Lokacin da kika gane babu komai, an sa ki aikin banza, nan dariyar take zuwa. Kamar ki ɗaga ƙafa za ki taka matakala, ashe ta ƙare."

Ta tura. Nan take wata ta amso da hoton dutsen nawa, ta ɗora masa hular ma'aikacin jirgi, ta bar rubutun yadda yake. Auta ta ce haka ake yi, kowa ya ɗauka ya ƙara lalata shi, wanda ya tambayi ma'ana kuma shi ya faɗi.

Na ga dai tana zaɓe tana zubarwa, ta san inda ma'ana take tunda tana kauce mata. Amma tsoron uwa ba ya jin bayani. Yayana ma akwai ranakun da yake magana tsaf. Sai na yi abin da ban shirya ba. Na ce ina da wani rubutun, ta sa a hoton. Na faɗi jimlar da Yaya ya yi shekaru yana maimaitawa, wadda duk gidanmu muka ɗauka surutun ciwo ne, har ƙannenmu na kwaikwayonsa da ita.

"Ku kashe fanka, tana kwashe mini suna."

Na kafe ta da ido. Na ƙudura a raina in ta yi dariya, gobe da sassafe muna asibiti.

Ta fara rubutawa, ta tsaya a tsakiya. Murmushin ya bar fuskarta.

"Wannan ba zai yi ba, Umma."

Na ce me ya sa, ai shi ma shirme ne.

"A'a. Namu babu kowa a ciki. Wannan akwai mutum, kuma tsoro yake ji. Roƙo yake a taimake shi." Ta ajiye wayar a cinya ta dube ni. "Wa ya faɗa?"

Nauyin da na kwana da shi makonni ya sauka, 'yata lafiyarta lau, sai wani nauyin ya hau inda ya sauka. Na tuna Yaya zaune a tabarma, ya toshe kunnuwa da hannu biyu yana kallon sama, mu kuma muna cewa ana zafi, a bar fankar ta yi ta juyi.

Auta ta sake tambaya, a hankali wannan karon. Na ce ta matso zan gaya mata, labarin kawunta ne. Amma kafin in fara, sai da na tashi na kashe fankar.