Gurbi a Ajin Ƙididdiga

Umma ta yi shekara ashirin da biyu tana aiki a ɗakin ajiye fayil na asibiti kafin ta koma makaranta. Tana shiga aiki ƙarfe bakwai na safe, ta tashi ƙarfe ɗaya, ta hau mota zuwa jami'a da jakar littattafai a cinya. 'Yan ajinsu Anti suke ce mata. A shekararta ta uku sai ga autarta ma ta samu shiga jami'ar, a tsangayarsu amma wani sashe dabam, suka riƙa dawowa gida tare suna gardamar wacce ta fi gajiya.

Kwas ɗaya ne ya tsaya wa Umma a wuya: Ƙididdiga. Dole ne ga duk ɗaliban tsangayarsu, kuma a zangon farko kaɗai ake koyar da shi. Ta taɓa ɗaukarsa a aji biyu, ta zauna sati ɗaya tana kallon allo kamar da wani yare ake magana, ta je ta cire shi. Daga nan kowace shekara sai ta ce baɗi.

Bana babu baɗi, shekarar ƙarshe ce. An buɗe wa 'yan ajin ƙarshe shafin rajista kwana biyu kafin kowa. Umma ta zauna a teburin falo ta zaɓi kwasa-kwasanta huɗu. Da ta zo kan Ƙididdiga ta ga gurbi arba'in a rukunin rana, babu wanda ya taɓa, sai ta ce ai ba gudu zai yi ba, ta rufe kwamfutar. Washegari aiki ya yi mata yawa. Ranar da ta sake buɗewa, an riga an saki sauran ɗalibai, rukunin rana ya cika maƙil.

Akwai rukunin safe, ƙarfe takwas, da sauran gurbi shida a ciki. Amma ƙarfe takwas Umma tana bayan kanta tana miƙa wa masu jinya fayil. Sai ta sa sunanta a jerin jira na rukunin rana. Shafin ya ba ta lamba biyar.

Auta ce ta tarar da ita zaune ta zuba wa lambar ido.

"Umma, ba ke kika ce kin gama rajista tun ranar Litinin ba?"

"Na gama mana. Saura ɗaya."

Auta ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Ƙididdiga? Umma! Ni da aka buɗe mana daga baya na samu rukunin rana, ke da aka ba ki kwana biyu?"

"To, sai ki dake ni."

"In ba ki yi shi bana ba fa, sai kin ƙara shekara guda cur saboda kwas ɗaya."

"Na sani, Auta. Tashi ki duba min ruwan da na ɗora."

Aka fara karatu. A satin farko mutum biyu suka fita daga ajin, lambar Umma ta dawo uku, ta tsaya nan. Za a rufe ƙari da cire kwas ranar Juma'ar sati na biyu. Umma ba ta ƙara tada maganar ba, amma Auta tana ganinta. Tana wanke kwano sai ta goge hannu ta duba waya. A mota ma haka. Rannan Auta ta ji ta tana ce wa wata abokiyar aikinta a waya, wai ƙila hutawa za ta yi bana, shekara ɗaya ba komai ba ce. Muryar da ta faɗa da ita ce ba ta yi wa Auta daɗi ba.

Ranar Talata da safe Auta ta shiga ɗakin karatu, ta buɗe shafinta. Ita aji biyu take, tana da sauran lokaci. Ta danna cire kwas ɗin Ƙididdiga, don Umma ta samu gurbinta. Shafin ya tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Ta kira Umma nan take.

"Umma, duba wayarki! An samu gurbi."

Ana jin ƙarar durowar fayil ta cikin wayar. "Ban ga komai ba. Lamba biyu dai na gani yanzu."

"Biyu? Sake dubawa."

"Biyu ce, Auta. Ya aka yi kika san an samu gurbi?"

Auta ta kashe wayar.

Umma ta same ta ƙarfe biyu a kan bencin da ke gaban ofishin sashen lissafi, idanunta sun yi ja. Ba ta tambaye ta komai ba. Ta zauna kusa da ita, ta ajiye jaka, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Na ɗauka in na fita ke za ki shiga," in ji Auta.

"Ke da kike koya min kwamfuta?"

"Ban yi tunani ba. Sauri nake."

Umma ta jawo kan 'yar ta ɗora a kafaɗarta, a nan gaban mutane, abin da Auta ta hana ta yi tun ranar da ta shiga jami'a. Wannan karon ta ƙyale ta.

Sakatariyar sashen mace ce mai tabarau a kan hanci, ta kusa sa'ar Umma. Ta saurari labarin daga farko har ƙarshe, ta cire tabaran ta kalli Auta.

"'Yata, gurbi ba kujerar mota ba ce da za ki tashi ki ba uwarki. Kina fita na'ura ta aika wa na ɗaya a jeri saƙo, an ba shi awa ashirin da huɗu ya karɓa." Ta duba kwamfutarta. "Ya ma karɓa, ko minti goma bai yi ba."

"Ba za a iya mayar min ba?"

"In ƙwace daga hannun ɗan wani? Shi ma jira ya yi. In kina son rukunin rana, sai dai ki bi layi, ki zama ta goma sha ɗaya."

Ta juya wajen Umma. "Ke kuma 'yar'uwa, shekararki ta ƙarshe ce kika zauna kina kallon lamba? Me ya hana ki zuwa tun satin jiya?"

"Kunya," in ji Umma. "Laifina ne, ni na yi sakaci. Na ga bai dace in zo ina roƙon alfarma ba, ga yara suna layi."

"Ba alfarma ba ce, ƙa'ida ce ta sashe. Wanda kwas ɗin dole zai hana shi kammalawa yana iya neman izinin shiga ko aji ya cika." Ta zaro takarda daga durowa. "Ki cike wannan. Ki kawo takardar sakamakonki da za ta nuna shi kaɗai ya rage miki banda waɗanda kika yi wa rajista, da wasiƙa daga wurin aiki cewa ba za ki iya rukunin safe ba. Malamin kwas ya sa hannu, shugaban sashe ya sa. In sun yarda, ni zan buɗe miki a na'ura. Ban yi miki alkawari ba, don kwamfuta arba'in ce a ɗakin. Kuma kada ki cire sunanki daga jeri sai kin ga kin shiga. Juma'a ƙarfe huɗu ake rufewa."

"Ni fa?" in ji Auta a hankali.

"Ke ba ki cikin masu kammalawa, izini ba zai hau kanki ba. Ko ki bari sai baɗi, ko ki shiga rukunin safe, saura gurbi biyu."

Auta ta duba jadawalinta. Ƙarfe takwas na Talata da Alhamis tana da kwas ɗin ɗaukar hoto, na zaɓi, wanda ta yi wata uku tana ɗokinsa. Na'ura ba ta yarda a ɗauki kwas biyu a lokaci ɗaya.

"Ki bar Ƙididdigar sai baɗi," in ji Umma.

"Ke ce za ki ba ni wannan shawarar, Umma?"

Sakatariya ta fashe da dariya har tana buga tebur. Auta ta tsaya nan a bakin kanta ta yi canjin a waya. Sakatariya ta nuna mata maɓallin musanya, wanda ba ya sakin tsohon kwas sai sabon ya kama. Hoto ya fita, Ƙididdigar safe ta shiga. Auta ta daɗe tana kallon jadawalin kafin ta sa wayar a jaka.

Wasiƙar wurin aiki ta ci ranar Laraba gaba ɗaya, don shugabar Umma tana taro. Ranar Alhamis suka tsaya a ƙofar ɗakin kwamfuta har aka tashi daga darasi. Malamin matashi ne, bai fi sa'ar babban ɗan Umma ba. Ya karanta takardun a tsaye, alƙalamin allo a hannunsa.

"Mama, na ga kin taɓa ɗaukar kwas ɗin kika cire. Me ya faru?"

"Tsoro, Malam. Rabona da lissafi tun kafin a haife ka."

"Me kike yi a asibiti?"

"Fayil nake ajiyewa. Ƙarshen wata kuma in haɗa rahoto, mutum nawa suka zo, nawa aka kwantar, kwana nawa yawanci suke yi."

Ya yi murmushi. "Wannan na ƙarshen, yadda kike fitar da shi, shi na koyar yau."

Ya leƙa cikin ɗakin. Kwamfutoci arba'in a jere, sai wani tebur a gefen taga da aka tara tsofaffin wayoyin lantarki a kai. Ya tambaya ko tana da kwamfutar hannu. Auta ta riga Umma amsawa, ta ce akwai, ita za ta sa mata manhajar. Ya ce darasi huɗu sun wuce ta, kuma akwai gwaji sati mai zuwa, ba zai ɗaga mata ba. Umma ta ce ta ji. Ya dafa takardar a bango ya sa hannu.

Shugaban sashe bai shigo ba sai Juma'a da azahar. Umma ta bar takardar wajen sakatariya ta tafi nata darasin, Auta ta zauna a benci tana gadi. Ƙarfe uku da kwata sakatariya ta leƙo ta taga.

"Je ki gaya wa uwarki ta duba shafinta. Ki ce mata na buɗe, amma ita za ta danna da hannunta kafin huɗu."

Auta ta haye bene da gudu, ta tsaya a ƙofar ajin su Umma tana ɗaga hannu har malamar ta dakata ta ce, "Anti, ina jin wannan taki ce." Umma ta fito da waya a hannu, tana laluben tabarau a jaka. Ta kuskure lambar sirri sau biyu. Auta ta sa hannuwanta a baya don kada ta karɓe. A karo na uku shafin ya buɗe. Umma ta danna, sunan kwas ɗin ya koma cikin jerin nata, layin jiran ya ɓace.

"Ya shiga?"

"Ya shiga, Umma."

Umma ta sauke numfashi, ta gyara wa Auta wuyan riga da ya karkace wajen gudu.

"Kin ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba."

"Ɗauki jakata, akwai burodi a ciki. Ki jira ni a ƙasa, saura minti ashirin mu tashi. Ki fito min da abin da kuka rubuta jiya da safe, a mota za ki fara min."