Sakin Layi Na Bakwai

Takardar da aka manna a bakin matattakalar gidanmu shafi uku ce, da tambarin hukumar gidaje a sama. Gidan na gwamnati ne, hawa huɗu, ɗaki arba'in. Namu ne na goma sha huɗu, inda nake zaune da Inna tun rasuwar Baba. Abin da kowa ya gane shi ne za a fitar da mu a gyara ginin. Ko za mu dawo, nan ne gizo ke saƙar.

Ni a aji huɗu na tsaya, na kama facin taya. Ina karatu, amma a hankali, da yatsa. Na tsaya gaban takardar har wuyana ya ƙage. Jimlar farko kaɗai layi shida ce: “Ba tare da cin karo da tanade-tanaden sakin layi na huɗu ba, ana sanar da dukkan masu riƙe da haƙƙin zama…” Kafin in kai ƙarshenta, farkon ya gudu.

Baffa, ƙanin Baba, shi ne mai karanta wa gidan takardu. Ya yi shekara talatin yana buga hatimi a wani ofis, ya fito da tabarau da biro uku a aljihu. Ba a gidan yake zaune ba, amma ranar sai ga shi. Ya karanta a tsaye, yana gyaɗa kai kamar shi ya rubuta.

“Me ta ce, Baffa?” na tambaye shi.

“Ta ce abin da ta ce. Kowa ya je ya yi rajista. Ku kuwa ku zauna, ni zan ji da naku. Wannan ba iskar taya ba ce, ɗana.”

Inna ta yi masa godiya har da durƙusawa.

Bayan sati biyu wata mata ta zo daga hukumar, da jaka da takardu. Ta ce ita aka ba aikin sake rubuta sanarwar da sauƙaƙan kalmomi, domin mutum shida kacal suka yi rajista. Tana neman wanda zai karanta mata sabon rubutun ta ga ko ya yi. Baffa ya gyara tabarau ya miƙa hannu.

“Ba kai ba, Baba,” ta ce. “Wanda karatu ke ba wuya nake nema.”

“To ga gwaninsu nan,” in ji Baffa, ya nuna ni da baki. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don gaskiya ya faɗa.

Muka zauna a kan benci a inuwar tankin ruwa. Shafi ɗaya ne, da manyan baƙaƙe. A sama an rubuta: “Idan kuna son ku dawo ɗakinku bayan gyara, ku yi rajista kafin ranar talatin ga wannan wata.” Sai wurin zuwa, taga ta biyu. Sai abin da za a riƙo: katin shaida da takardar haya mai sunanka. Na karanta har ƙasa ban yi tuntuɓe ba.

Ba ta tambaye ni ko na gane ba. Ta ce kowa “e” yake cewa don kunya. Cewa ta yi, “Gobe da safe me za ka yi?”

“Ba komai, Malama.”

“Don me?”

“Takardar ta ce mai sunanka. Tamu sunan Baba ne, shi kuwa ya shekara biyu a ƙasa. Ke nan ba da mu ake ba.”

Ta zaro tsohuwar sanarwar ta buɗe shafi na uku, ta bi da biro har sakin layi na bakwai. Ta karanta sau biyu, ta dafe goshi.

“Ni na cire shi,” ta ce. “Na ga ya yi tsawo, na ɗauka mutum ɗaya ko biyu ya shafa.”

Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta ƙirga mata da yatsu. Ɗaki tara ne a gidan da sunan mamaci.

Malamar ta fassara mana sakin layin dalla-dalla. Idan mai sunan ya rasu, wanda ya zauna tare da shi a ɗakin zai iya mayar da takardar sunansa. Zai kai shaidar rasuwa da maƙwabta biyu. Amma wa'adin wannan ya fi kusa, kwana ashirin da ɗaya daga ranar da ke kan sanarwar. Ta lissafa a bayan takarda. Saura kwana biyar.

Na waiwaya in ga Baffa. Yana goge tabarau da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Malamar ta ce ba za ta iya manna gyaran ba sai lauyan hukumar ya duba, kada a sauya ma'anar doka. Ta roƙe ni in bi ta washegari, in sake karantawa a gabansa. Na rufe rumfa na bi ta.

Lauyan na zaune ƙarƙashin fanka, fayil ya kai masa kafaɗa. Bai ce in zauna ba. Ya riƙe shafin da yatsa biyu kamar tsumma.

“Wannan sanarwa ce ko wasiƙar kaka? Ina ‘magajin da ya cancanta’? Kin mayar da shi ‘wanda ya zauna tare da shi’.”

“Haka sakin layi na biyu ya fassara kalmar, ranka ya daɗe. Na ɗauko fassarar na sa a wurinta.”

Ya duba, ya ja tsaki. “Kin san in suka gane, duk nan za su cika mana?”

“Don su zo aka rubuta.”

Ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a kan baƙin man da ke farcena. “Kai ne ma'aunin? To karanta mu ji.”

Na karanta da yatsana, ban yi sauri don shi ba. Da na gama Malama ta ce, “Gobe me za ka yi?”

“Zan kawo Inna taga ta biyu, da takardar asibiti ta rasuwar Baba, da mai ɗinki da mijinta. Kafin Litinin.”

Lauyan ya nemi kuskure bai samu ba. Ya sa a ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa wannan bayani ne kawai, cikakkiyar sanarwa tana ofis. Ya sa hannu ba tare da ya ɗago ba.

Washegari muka zo mu huɗu. Ma'aikacin taga ya buɗe littafi ya ce an riga an karɓi fom na ɗaki na goma sha huɗu, kwana goma da suka wuce. Ya juyo mana shafin. Sa hannun Baffa ne, mai doguwar jela. Bai dawo da fom ɗin ba tukuna, da alama shaidu yake nema don ya mayar da ɗakin sunansa. A gidan kuwa ba wanda zai rantse ya taɓa ganinsa ya kwana.

Inna ta matsa gaban tagar. Ta dangwala yatsa a sabon fom, mai ɗinki da mijinta suka sa hannu, aka buga hatimi.

Da muka dawo mun tarar da Baffa gaban sabuwar sanarwar, mata uku na karanta ta da kansu a gefensa.

“Gwamnati ta lalace,” ya ce. “Takarda ba kwarjini, kowane mai faci ya karanta.”

“Haka ne, Baffa,” na ce. “Ko in karanta maka na bakwai ɗin? Yanzu layi uku ne.”

Inna ta wuce shi ta hau matattakala. Wannan karon ba ta durƙusa ba.